Daidaita adadin haja tsakanin shago da kasuwar intanet

Daidaita adadin haja shi ne tabbatar da cewa yawan kayan da kasuwar intanet ke nuna wa masu saye bai wuce abin da shago zai iya bayarwa ba. Idan lissafin biyu ya saɓa, sai a sayar da kayan da babu, a koma ana soke oda ana ba mai saye haƙuri. Kasuwannin ba sa wasa da wannan. Amazon, alal misali, tana son odar da mai sayarwa ke sokewa da kansa ta kasance ƙasa da kashi 2.5 cikin ɗari.

Yawanci matsalar daga tazarar lokaci take tasowa. Manhajar shago ba kowane lokaci take magana da kasuwar ba, wasu sai bayan minti 15. A ce shago yana da fitila 5, kuma da ƙarfe 10:00 duka ɓangarorin suna nuna 5. Da 10:04 aka sayar da 3 a kanta. Da 10:09 wani ya yi odar 4 ta intanet, kasuwar kuwa ta karɓa, domin a saninta har yanzu 5 ne. An sayar da 7 ke nan, biyu daga ciki babu su.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa. A ce ba a sayar da komai a kanta ba, amma aka yi odar 2 ta intanet, kasuwar ta rage adadinta zuwa 3. Idan da 10:15 manhajar shago ta tura nata lissafin kafin ta ɗauko sababbin oda, za ta sake rubuta 5 a kan 3, fitilun da aka riga aka sayar su dawo kasuwa. Ana gane shi idan adadi ya ƙaru alhali ba a sauke sabon kaya ba. Maganinsa shi ne bin tsari: a fara ɗauko oda, a cire su, sannan a tura adadi.

Shi ya sa ake ɗaukar wuri guda a matsayin uwar lissafi, galibi manhajar shago, kasuwar kuma ta riƙa karɓa daga gare ta. Abin da ake turawa ma ba duk abin da ke kan shiryayye ba ne. Ana cire kayan da aka yi odarsu ba a aika ba tukuna, a kuma ɓoye ɗan rara. Mai fitila 5 da ke ɓoye 2 zai nuna 3 kawai. Rarar na rage haɗari, sai dai tana hana ciniki idan ta yi yawa, don haka ta fi dacewa da kayan da ke tafiya da sauri.

Duk wannan ya dogara ne da lambar SKU, wato lambar da ake ba kowane nau'in kaya don a bambanta shi da sauran. Idan fitila ja da baƙa suna da lamba ɗaya a shago amma biyu a kasuwa, kowacce za ta nuna 5, a yi tallan 10.