Data na ƙarewa, kati na ɓacewa: ina suke tafiya?

"Dan Allah a taimaka, ina Gombe wajen Tashar Dukku, na sa data 1.5GB ta wata guda amma ko sati ba ta yi ba aka ce ta ƙare, alhali WhatsApp kawai nake yi. Cuta ta ake yi?"

Kafin ka ɗora wa kamfani laifi fara leƙa wayarka tukuna, don wayar da kanta tana rubuta lissafin duk abin da aka sha. Idan Android ce irin su Tecno, Infinix ko itel, shiga Settings ka rubuta Data usage a wajen bincike, za ta jero maka manhajojinka da adadin da kowacce ta ci. Taɓa wadda ke sama za ka ga lamba biyu, Foreground da Background. Ta farko ita ce wadda ka sha kana kallon wayar da idonka, ta biyun kuwa ita ce wadda manhajar ta sha ta bayan fage wayar na cikin aljihunka ko tana wajen mai caji.

Bari mu yi lissafi a misali. Ka ce kana cikin guruf biyar, na 'yan uwa, na tsofaffin ɗalibai, na siyasa da sauransu, a yini a turo bidiyo 15 kowanne MB 10, wayarka kuma tana sauke su da kanta ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, to MB 150 ke nan a rana, kwana shida MB 900 sun tafi. Sai kuma da daddare Play Store ya ga akwai data ya sabunta manhajoji takwas kowacce wajen MB 60, ga kusan 500 sun bi. Me ya rage a 1.5GB ɗinka? Wallahi abin tausayi ne, mutum ya sayi data da guminsa ta ƙare a bidiyon da bai ma kalla ba.

"To yaya zan toshe?"

Fara da WhatsApp ɗin: Settings, Storage and data, When using mobile data, ka cire alama daga Videos, Audio da Documents, hotuna ma idan ka ga dama. Sai Play Store: Settings, Network preferences, Auto-update apps, ka mayar da shi na Wi-Fi kaɗai. Idan Google Photos na kwashe hotunanka da bidiyon biki yana turawa ma'ajiyarsa, hana shi yi da datar layi, don turawa ma cin data ne kamar saukewa. Daga nan kunna Data Saver a Settings na wayar, shi ke rage wa manhajoji shan data ta bayan fage. Amma a sani, idan ka kashe wa WhatsApp Background data gaba ɗaya saƙo zai iya ƙin shigowa sai ka buɗe shi, mai sana'ar da kwastoma ke nemansa ta nan gara ya bar wannan a kunne.

"Ni kuwa kati ne matsalata, ina sa na 500 kafin in kira kowa sai in ga 200."

Wannan hanya daban ce, kuma yawanci ɗayan uku ne. Ko ka taɓa cin bashin kati ko data, to kana sa kuɗi za su fara zare nasu har da ladan aiki. Ko data ɗinka na kan sabunta kai, wa'adinta na cika su cira daga katin su sake saya maka. Na ukun shi ya fi ɓata min rai, wato ƙananan sabis irin na waƙar kira, labarin ƙwallo ko gasar cin kyauta, wani saƙo ne zai faɗo kan allo ka danna OK cikin sauri don ya kauce, ko yaro ya danna yana wasa da wayar, shi ke nan an yi maka rajista ana yagar naira 20 ko 50 kullum. Alamarsa kuɗi iri ɗaya ne ke fita a kai a kai, ko da data a kashe take.

Tun 2023 hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta mayar da lambobin nan iri ɗaya a duk layuka. `*310#` na duba kati, `*323#` na duba data, `*305#` kuma na dakatar da irin waɗannan sabis ɗin. Gwada haka: duba katinka da daddare ka rubuta, kashe data, kar ka kira kowa, da safe ka sake dubawa. Idan ya ragu to ba manhaja ba ce, danna `*305#` ka soke abin da ka gani. Tura STOP zuwa 2442 kuma yana tare saƙonnin talla, amma kar ka dogara da shi wajen soke rajistar da ta riga ta hau.

"Idan na yi duka kuma ana ci gaba da cira fa?"

Kira kamfanin layinka a 300, ka faɗa musu rana da adadin da aka cire, ka karɓi lambar ƙorafi ka ajiye. Idan ba su gyara ba sai ka kira NCC a 622, kyauta ne, kuma za su nemi wannan lambar, shi ya sa kar ka goge saƙonnin cirar kuɗin.