T3 a takardar asibiti ba shi ne mataki na 3 ba

Sau da yawa a Garwa ko Marwa za ka ga an dawo da sakamakon gwajin cutar kansa, an ga T3, sai gida ya rude wai kansa ta kai mataki na 3. Ba haka lissafin yake ba fa.

Haruffa uku ake rubutawa, T da N da M, kowanne da lamba a gabansa. T shi ne ainihin kumburin, girmansa ko zurfin da ya ci. N kuwa kaluluwar da ke kusa, ko cutar ta shiga cikinsu, M kuma ko ta tsallaka can nesa kamar hanta ko huhu. Sai an hada ukun likita zai fadi mataki.

Dauki kansar babban hanji. T3 N0 M0, wato ta ratsa naman bangon hanjin amma kaluluwa lafiya lau kuma ba ta tsallaka nesa ba, mataki na 2 ne. Amma T1 N1 M0, wadda ko naman bangon ba ta kai ba sai dai ta taba kaluluwa ko da guda daya ce, ta zama mataki na 3, kun ga karamar ta wuce babbar. In ko aka rubuta M1 to mataki na 4 ne komai kankantar T.

Kuma kowace kansa da jadawalinta, kar a dauki na hanji a auna ta mama da shi.