Ƙarin da ake ɗorawa kan sisin gwal: mene ne shi, kuma me ya sa yake kumbura lokacin firgici

Wani kawuna da ke noma a ƙauyenmu, ta wajen Wudil, ya sayar da bijimai biyu bayan kaka, ya ce wannan karon ba zai bar kuɗin a asusu naira tana zaizayewa ba, sisin gwal zai saya ya ajiye. Ɗansa ya duba farashin zinare na duniya a waya, ya buga lissafi, suka shiga birni da adadi a ka. Da suka isa shago, abin da mai gwal ya faɗa ya ɗara nasu nesa. Kawu ya dawo yana cewa mutumin ɓarawo ne. Na ce, Kawu, mai yiwuwa ya tsawwala, amma ko a gaban gwamnatin Amurka ka je ba za ta ba ka sulen zinare a farashin da ke cikin wayar nan ba, kuma dokarsu ce ma ta tsara hakan.

Farashin da ke cikin waya, wanda 'yan kasuwar duniya ke kira sifot, wato farashin nan take, ba na sisi ba ne. Na manyan sandunan zinare ne da bankuna ke saya da sayarwa a tsakaninsu, galibi a Landan. Sanda ɗaya tana da nauyin oza 400 ko kusa da haka, kimanin kilo 12 da rabi, kuma sau da yawa ba ta ma motsawa daga rumbun da take, sunan mai ita kawai ake sauyawa a littafi. Ozar da ake auna zinare da ita giram 31.1 ce. To duk abin da ka biya a kan kuɗin zallar zinaren da ke cikin sule, shi ne ƙarin, wanda su ke ce wa firimiyam. Kamar dai bambancin farashin tirelar gero a Dawanau da na tiya a bakin kasuwar ƙauye: geron ɗaya ne, amma wani ya yi dako, wani ya zuba a buhu, wani ya zauna yini guda yana awo.

Amurka ce ta rubuta wannan a doka ƙarara, shi ya sa nake kafa misali da ita. A 1985 majalisarsu ta yi dokar sulallan zinare, aka fara buga wanda ake kira American Eagle a 1986. Dokar ta ce a sayar da shi a kan kuɗin zinaren a kasuwa lokacin ciniki, a haɗa da kuɗin bugawa da na talla da na rarrabawa. Ta kuma ce a buga isassu yadda za su wadaci masu nema. A jikin sulen oza ɗaya an rubuta dala 50, amma wannan rubutu ne kawai, ba wanda zai ba ka shi a haka.

Ga inda mutane ke kuskure. Gidan buga sulallan ba ya sayar wa kowa da kowa irin waɗannan na ajiya. Yana da 'yan tsirarun manyan diloli da ya amince da su, su ke sara, su sayar wa ƙananan diloli, su kuma su sayar wa jama'a. Shekara da shekaru abin da ya riƙa ɗora wa manyan dilolin shi ne kashi 3 cikin 100 a kan sulen oza ɗaya, kashi 5 a kan na rabin oza, kashi 7 a kan na rubu'i, kashi 9 a kan na ushiri. Ka lura, ƙaramin sule ya fi babba tsadar ƙari, domin wahalar buga ƙaramin da ta babban kusan ɗaya ce, alhali zinaren da za a raba wa wahalar kaɗan ne. Dokar ta tsaya ne a bakin ƙofar gidan bugawa. Ba ta ƙayyade abin da dillali na biyu da na uku za su ɗora ba. Daga nan kasuwa ce ke magana, kuma mu a nan muna can ƙarshen layi: bayan su akwai kuɗin jirgi, da canjin dala, da ribar mai shago.

Mu yi lissafin Kawu, da adadin da na zaɓa don sauƙi, ba farashin yau ba ne. A ce oza tana dala 3,110, giram ɗaya ke nan dala 100. A ce dala tana naira 1,500, giram na zallar zinare ya kama naira 150,000. Sisin da aka nuna masa giram 8 ne, karat 21. Zalla ita ce karat 24, don haka 21 cikin 24 na giram 8 ne zinare, wato giram 7, sauran giram ɗayan gauraye ne na ƙarfafa shi. Zinaren da ke ciki ya kama naira 1,050,000. In mai shago ya ce 1,130,000, ƙarin 80,000 ne, kusan kashi 7 da rabi cikin 100. Wannan mataki na cire gauraye shi ake yawan tsallakewa. Wanda ya ninka giram 8 ɗin gaba ɗaya zai samu 1,200,000, ya ɗauka ma rangwame aka yi masa. Haka sulen Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda aka fara bugawa a 1967: a sikeli zai nuna giram 33.9, amma oza ɗaya ce zinarensa, saura jan ƙarfe.

To me ke sa ƙarin nan ya kumbura in hankali ya tashi? Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Mutum yana da dubu goma a asusu, amma kafin ta zama takarda a hannunsa sai ya bar wa mai fiyo'es wani kaso mai tsoka. Naira ba ta ƙara daraja ba, tsabar ce ta yi wuya. Wannan shi ne abin da ke samun sulallan zinare da azurfa. Sanda a rumbun Landan kamar kuɗi ne a asusu, sule kuma tsaba ne a aljihu, kuma hanyar da ke tsakaninsu siririya ce.

Kafin sanda ta zama sule sai an narka ta a matata, a murza ta, a yanka faifai-faifai daidai nauyi, a buga tambari, a ɗauka a jirgi da inshora. Injinan suna da iyakar abin da suke yi a mako, an kuma tsara su ne don shekarar da ba a rububi. In kowa ya taso rana ɗaya, kayan da ke shaguna sukan ƙare cikin kwanaki, sababbi kuma sai makonni. Ga shi waɗanda suka saba dawo da tsofaffin sulalla su sayar, su ma sun riƙe nasu. Dillali kuma yana duban nawa zai sake sarowa da yaushe kayan za su zo, don haka yana ɗora kuɗin wannan fargabar.

An ga wannan a 2008, lokacin durƙushewar bankuna, inda gidan buga sulallan Amurka ya dakatar da sayar da wasu na zinare na ɗan lokaci, ya koma yi wa diloli rabo. Amma na Maris 2020 ya fi ban mamaki. Da korona ta ɓarke, manyan matatun zinare uku da ke kudancin Suwizalan, kusa da iyakar Italiya, suka rufe. Jiragen fasinja, waɗanda da ma a cikinsu ake ɗaukar zinare da yawa, suka tsaya. A daidai wannan lokaci farashin azurfa na sifot ya faɗi zuwa wajen dala 12, saboda manyan 'yan kasuwa suna ta sayar da takardun cinikinsu don neman tsabar biyan bashi. Amma sulen azurfa na oza ɗaya, wanda gidan bugawa ke ɗora wa dala 2 kacal a lokacin, ya haura dala 20 a hannun masu shaguna, in ma an samu. Farashin waya yana sauka, na shago yana hawa. Azurfa ta fi jin jiki a irin wannan, don sulenta araha ne, kuɗin bugawa da dako sun fi cin kaso babba a cikinsa.

Mu a nan muna da namu firgicin daban, na dala. A farkon 2024, da naira ke faɗuwa kusan kullum, mai gwal ba da canjin safiyar yau yake lissafi ba, da wanda yake tsoron zai tarar in ya je saro wani yake yi. Don haka kafin ka ce an ɗora maka ƙari mai yawa, tambayi da wace dala ya buga. Wani lokaci rabin gardamar a nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar sayarwa. Ƙarin firgici ba ya zama a jikin sule. A ce Kawu ya saya a tsakiyar rububi a kan 1,260,000, ƙarin kashi 20 ke nan. Bayan wata huɗu ƙura ta lafa, zinare da dala suna nan inda suke, damina ta zo yana neman kuɗin taki. Mai shago zai ɗora a sikeli, ya gwada karat, ya ce 1,020,000, ƙasa kaɗan da kuɗin zinaren, don shi ma sai ya ci. Kawu ya rasa 240,000 ba tare da zinare ya faɗi ko kwabo ba. Kafin ya mayar da uwar kuɗinsa sai farashin ya tashi da kusan kashi 24 cikin 100. Da a lokacin kwanciyar hankali ya saya a 1,130,000, kusan kashi 11 ya ishe shi. Sarƙa da ɗan kunne kuwa sun fi haka, domin kuɗin ƙira kusan duk tafiya yake yi.

Akwai tambaya ɗaya da ke tona gaskiyar ƙari. Bayan ya faɗa maka farashi, ka ce, Alhaji, in na kawo maka irinsa yanzu, nawa za ka saya? In da gaske kaya sun yi wuya, za ka ji ya taya sama da kuɗin zinaren, don yana nema ruwa a jallo. In kuwa yana sayarwa da ƙarin kashi 20 amma yana tayawa ƙasa da kuɗin zinaren, to ba ƙarancin kaya ba ne, fuskarka ya karanta. Haka kuma wanda ya zo maka da sisi ƙasa da kuɗin zinaren da ke cikinsa, a lokacin da kowa ke nema, ka nemi a gwada a gabanka. Wankin gwal a kan jan ƙarfe ba sabon abu ba ne. Sai kuma mai cewa biya yau, kaya sai bayan mako uku. Ban da haɗarin kada kayan su zo, malamanmu sun daɗe suna faɗa cewa cinikin zinare da kuɗi hannu da hannu ake yi.

Kawu ya koma bayan sati biyu da takarda a aljihu, an rubuta giram 7 da farashin giram na ranar. Ya zaga shaguna uku yana tambayar na saye da na sayarwa. Ya sayi sisi ɗaya a inda tazarar ta fi ƙanƙanta, ragowar kuɗin ya kai Wudil ranar Juma'a ya kamo ɗan maraƙi.