Tallan hayar tarakta a bidiyo (Sakkwato)

Tallan hayar tarakta a bidiyo shi ne gajeren rubutun da masu ba da hayar motar noma suke sawa a ƙarƙashin bidiyon da ke nuna taraktarsu tana aiki. A cikinsa ake faɗin kuɗin aiki a kan kowace hekta da yadda manomi zai buga waya a sa shi a layi. A ƙasar Sakkwato an fi ganinsa gab da faɗuwar damina, wajen watan Mayu zuwa Yuni, sai kuma bayan girbi idan za a gyara fadama domin noman rani. Wasu manoman tantan suke ce wa motar.

Tarihi

Hayar tarakta ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa, a wajajen shekarun 1950 zuwa 1960, aka fara kafa sassan ba da hayar tarakta a ƙarƙashin ma'aikatar gona. Manomi kan je ofis da ƙafarsa, ya rubuta suna, ya biya, ya karɓi rasit, sannan ya koma gida ya jira. Farashin na gwamnati ne mai rangwame, sai dai motocin ba su kai yawan masu nema ba. Tsarin ya ci gaba bayan an ƙirƙiri Jihar Sakkwato a 1976, ya kuma ƙara faɗi da shirin bunƙasa noma na jihar wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1980. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a wajen 1984, ta ƙara yawan filayen noman rani a kwarin gulbin Rima, inda laka take da taurin da ke wahalar da shanun huɗa.

Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, kira ya maye gurbin zuwa ofis, 'yan kasuwa kuma suka karɓe yawancin harkar. Bidiyon ya biyo baya ne da yaɗuwar manyan wayoyi.

Farashi da awo

Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo da mita 100 a faɗi, wato murabba'in mita 10,000. Eka ba ta kai rabin wannan ba, domin sai an haɗa kusan eka biyu da rabi ake samun hekta guda. Nan ne rikici ya fi tasowa, saboda kalmar kadada wani hekta yake nufi da ita, wani kuma eka.

A ɗauki misalin gonar shinkafa a fadamar Wurno mai tsawon mita 150 da faɗin mita 80. Girmanta murabba'in mita 12,000 ne, hekta 1.2 ke nan, ko kusan eka 3. A ce tallan ya rubuta haro, wato farfasa ƙasa da baje ta, naira 40,000 a hekta. Kuɗin gonar zai kama naira 48,000. Amma idan mai gonar ya ce a waya "kadada uku ce", mai amsa kiran kuma ya rubuta hekta 3, lissafin ya zama naira 120,000 a kan fili ɗaya. Shi ya sa masu hankali a harkar ba sa yanke kuɗi sai an zagaya gonar da wayar da ke auna fili, a gaban mai ita.

Farashin kuma na aiki ɗaya ne, ba na gyaran gona duka ba. Kaftu da garma daban, haro daban, huɗa daban. A gonar tudu mai yashi, irin ta gero, sau da yawa haro ɗaya ko huɗa ta wadatar. Busasshiyar laka kuwa sai an kafta, sannan a bi da haro, wani lokaci har sau biyu, kuma kowane bi da kuɗinsa. Tallan da bai ambaci sunan aikin ba, ko bai faɗi wanda zai sayi man gas ba, bai faɗi farashi ba tukuna.

Neman layi ta waya

Mai kira yakan faɗi sunan ƙauye, girman gona, irin ƙasarta da aikin da yake so. Akan nemi kafin alƙalami, a biya sauran bayan an gama. Da wuya a tura tarakta ƙauye mai nisa saboda gona ɗaya, domin man zuwa da dawowa zai cinye ribar, don haka wakili ko dillali yakan tara gonakin maƙwabta tukuna, ya ɗauki la'adarsa. Ranar da aka faɗa a waya takan gusa idan ruwa ya sauka da yawa, tun da tarakta kan kafe a jiƙaƙƙiyar fadama.

Saɓani

Ana jayayya a kan zurfin aiki. Manoma na zargin wasu direbobi da ɗaga farantan ƙarfen da ke yanka ƙasa domin su rage shan mai, su kuwa masu mota taurin ƙasa suke ɗora wa laifi. Akan duba ta hanyar soka sanda a wurare uku ko huɗu na gonar kafin a cika kuɗi.