Yadda ake binciken jadawalin raguwar darajar kadara na shekaru da yawa

Malam, ni sabon akanta ne a wani kamfanin sarrafa shinkafa. Wanda na gada ya bar min jadawalin raguwar darajar injina na shekara biyar, ga mai binciken kuɗi na tafe wata mai zuwa. Ta ina zan fara?

Ka fara da rasit, kada ka taɓa kalkuleta tukuna. Duk lissafin jadawalin a kan abu huɗu ya rataya: kuɗin da aka kashe har injin ya tsaya da ƙafarsa, ranar da ya zama a shirye don aiki, shekarun da aka ƙiyasta zai yi, da abin da ake sa ran samu in an sayar da shi bayan ya tsufa. Idan ɗaya daga cikinsu ya karkace, kowane layi zai fita daidai a kalkuleta, amma jadawalin gaba ɗaya ƙarya ne.

A kan na farkon aka fi yin tuntuɓe. Ƙa'idar IAS 16, wadda kamfanonin da ke bin tsarin rahoton kuɗi na duniya suke aiki da ita, ta ce kuɗin dako da na kafa injin suna cikin farashinsa. Kuɗin gyaran yau da kullum, irin su canjin bel da man giris, ba sa ciki. Ƙasa kuma ba a rage darajarta, don haka in ka ga an haɗa fili da gini a layi ɗaya ana cire musu kaso, ka raba su.

Mu ɗauki injin casa ɗaya mu bi shi har ƙarshe. An saya, an kawo, an kafa a kan ₦10,000,000. Za a yi shekara 5 ana aiki da shi, sannan ana sa ran sayar da shi ₦1,000,000.

To in rasit ya yi daidai, yaya zan gane lissafin hanyar bai ɗaya bai kauce ba?

Wannan ba ta da wahala. Cire miliyan ɗaya daga miliyan goma, ka raba miliyan taran da ta rage gida biyar: ₦1,800,000 kowace shekara. Abu biyu za ka duba. Adadin kada ya motsa daga shekara zuwa shekara sai da dalili a rubuce, kuma jimillar duk abin da aka cire kada ta wuce ₦9,000,000. Injin da ya cika shekarunsa, cirewa ta tsaya ko da yana ta aiki.

Inda ake kuskure shi ne a cire kaso a kan rukuni gaba ɗaya, a ce "injina, kashi kaza na farashi", a manta cewa wasu daga cikinsu tuni sun ƙare. Za ka gane haka idan ka bi kadarorin ɗaya bayan ɗaya ka tarar da wadda ragowar darajarta ta faɗi ƙasa da sifili.

Hanyar kaso daga ragowa ita ce ke rikita ni. Kowace shekara adadi daban.

Haka ya kamata ta kasance, kuma a cikin bambancin nan ne ma'aunin yake. A wannan hanyar ana ɗora kason a kan abin da ya rage a littafi a farkon shekara, ba a kan farashin saye ba. Da kashi 20 cikin 100, shekarar farko za a cire ₦2,000,000 a bar ₦8,000,000. Ta biyu ₦1,600,000, saura ₦6,400,000. Ta uku ₦1,280,000, saura ₦5,120,000. Haka za a yi ta sauka har ƙarshen ta biyar, inda za a tsaya a ₦3,276,800.

Ba sai ka sake lissafa kowane layi ba. Raba abin da aka cire bana da na bara: dole ya ba ka 0.8 a kowace shekara, tunda kowane adadi kashi 80 cikin 100 ne na wanda ya gabace shi. Duk shekarar da ta ba da wani abu daban, nan ɓarakar take, ko an ƙara kadara, ko an sayar, ko hannu ya zame. Sannan ka yi tsalle ɗaya zuwa ƙarshe ka gwada da abin da ke jadawalin:

```
=10000000*(1-0.2)^5
```

Wannan zai ba ka 3,276,800. In jadawalin bai faɗa nan ba, akwai matsala a tsakiya.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, a Excel mutum ya kulle ɗakin farashi da alamar `$` sannan ya ja lissafin ƙasa, sai kowace shekara ta fito ₦2,000,000. Kan jadawalin yana cewa kaso daga ragowa, cikinsa kuwa bai ɗaya ne, kuma injin zai ƙare a sifili. Na biyu, a cire miliyan ɗayan nan ta ƙarshe kafin a ɗora kason, kamar yadda ake yi a ɗaya hanyar. A nan ba a yin haka. Abin tsiyar, kashi 20 na miliyan tara ₦1,800,000 ne cif, wato daidai da adadin hanyar bai ɗaya, don haka a shekarar farko ido ba ya kama shi.

Injin namu yana da wani tarko da na fi so in nuna wa masu koyo. A ƙarshen shekara ta biyu, hanyar bai ɗaya ta cire ₦3,600,000 ta bar ₦6,400,000. Ɗaya hanyar ma ₦6,400,000 ta bari. Na taɓa zama da wani ƙaramin ma'aikaci a wani kamfani, ya gwada ragowar shekara ɗaya tak da lejar kamfanin, ya ga sun yi daidai, ya sa alamar biro ja ya rufe fayil. Ashe an sauya hanya a tsakiya ba wanda ya rubuta, adadin ne kawai ya haɗu a wannan shekarar. Sai da muka jera shekaru huɗu gefe da gefe a kan farar takarda abin ya fito. Tun daga ranar ba na yarda da gwajin shekara ɗaya.

Amma Malam, an ce injin zai ƙare a miliyan ɗaya, ga shi ya tsaya a sama da miliyan uku. Wa ya yi kuskure?

Lissafin bai yi kuskure ba, zaɓin kason ne bai dace ba. Kashi 20 an ɗauko shi ne kawai daga raba ɗari gida biyar, kuma a wannan hanyar ba zai taɓa kai ka miliyan ɗaya cikin shekara biyar ba. Kason da zai kai ka ana samo shi ne haka:

```
=1-(1000000/10000000)^(1/5)
```

Amsar kusan kashi 36.9 ce, wato a shekarar farko kaɗai za a cire wajen ₦3,690,000. Ka ga tazarar ba ƙarama ba ce. Idan kamfani ya rubuta a manufarsa cewa injin shekara biyar zai yi, kuma yana cire kashi 20 daga ragowa, maganganun biyu ba su jitu ba, kuma ranar da za a sayar da injin asara mai nauyi za ta faɗo lokaci ɗaya. Wannan ba abin da za ka gyara da hannunka a ɓoye ba ne. Ka rubuta, ka kai wa shugaban sashen kuɗi.

Idan ka yi amfani da `DB`, umarnin Excel na lissafin kaso daga ragowa, ka sani yana taƙaita kason zuwa lamba uku bayan ɗigo, 0.369, don haka zai ƙare a ₦1,000,338 maimakon miliyan ɗaya cif. Kada ka kwana neman ₦338. Wani abu kuma: in darajar ƙarshe sifili ce, wannan lissafin zai ba da kashi 100, wanda ba shi da ma'ana, domin cire kaso daga ragowa ba ya taɓa kai wa sifili.

Akwai injin da aka saya a Oktoba, amma an cire masa na shekara cikakkiya.

Duba manufar kamfanin tukuna. Wasu suna cire na shekara cikakkiya a shekarar saye, ba sa cire komai a shekarar sayarwa. In haka aka rubuta kuma haka ake yi wa kowace kadara, wanda ka gada bai saɓa manufa ba, ko da yake a kan kadara mai tsada mai bincike yana iya tayar da magana. In kuwa wata-wata ake bi, kuma shekarar kuɗi tana ƙarewa a 31 ga Disamba, injin namu da ya fara a 1 ga Oktoba wata uku kawai za a cire masa, ₦450,000. Abin da ake mantawa shi ne wutsiyar: jadawalin zai shiga shekara ta shida da wata tara, ₦1,350,000, kafin jimilla ta cika miliyan tara.

Na ga a shekara ta uku adadin ya faɗi zuwa ₦900,000. In mayar da shi yadda yake?

A'a, sai ka nemi dalili. Ƙa'ida ta ce a sake duba shekarun aiki da darajar ƙarshe aƙalla sau ɗaya a kowace shekara. Idan injiniya ya duba ya ce injin zai ƙara shekara shida maimakon uku, ana ɗaukar ₦6,400,000 ɗin da ya rage, a cire miliyan ɗaya, a raba shida. Ka ga ₦900,000 ɗin ke nan. Ba a komawa a taɓa shekarun da suka wuce, saboda ƙiyasi ne ya sauya, kuma ƙa'idar IAS 8, mai magana a kan sauyin ƙiyasi da gyaran kuskure, ta ce irin wannan gaba yake kallo. Sauya hanya daga ɗaya zuwa ɗaya ma haka ake yi masa. Kuskure na ainihi, kamar an manta kuɗin kafa inji, shi ne ake komawa baya a gyara in yana da girma.

Abin da za ka nema shi ne takarda: rahoton injiniya ko amincewar hukumar gudanarwa. Ni dai idan na ga an tsawaita shekarun injina daidai a shekarar da ciniki ya yi ƙasa, kuma babu ko layi ɗaya na bayani, nakan ƙara zama a kan fayil ɗin, domin rabin kuɗin raguwar ya koma riba ba tare da an sayar da ko buhu ɗaya ba.

Na ƙarshe, Malam. An sayar da inji ɗaya, ribar da aka rubuta ba ta yi min daidai ba.

Riba ko asara ta danganta da hanyar da aka bi. A ce an sayar da injin namu ₦5,000,000 a ƙarshen shekara ta uku. A hanyar bai ɗaya ragowarsa ₦4,600,000 ce, riba ₦400,000. A ɗaya hanyar ragowarsa ₦5,120,000 ce, asara ₦120,000. Mai saye ɗaya, kuɗi ɗaya. Don haka ka tabbatar ragowar da aka yi amfani da ita daga hanyar da injin yake kai aka ɗauko ta, kuma an lissafa raguwar har zuwa watan sayarwa.

Sannan ka duba an fitar da abu biyu daga littafi: farashin injin, da tarin raguwar da aka yi masa. Sau da yawa farashin ake cirewa a bar tarin, ko a bar duka biyun a ci gaba da rage darajar injin da tuni yake aiki a wani gari. Kuma kada ka gwada jadawalinka da adadin da ke takardun haraji ka ce ka kama kuskure. A Najeriya ba a karɓar raguwar da ke littafin kamfani wajen lissafin haraji, ana mayar da ita cikin riba ne a ba da rangwamen kadara da kason da doka ta tsara. Ranar da mai bincike zai zo, ka ajiye masa jadawalin biyu a fayil daban-daban.