Sayar da awara a bakin makaranta: yadda ake gane ribar yini

Jarina bai kai dubu goma ba, ina so in fara awara a bakin wata firamare a unguwar Ƙofar Ƙaura. Da nawa zan fara?

Fara da tiya ɗaya ta waken suya. 'Yan makaranta lokacin tara da lokacin tashi kawai suke saye, abin da ya wuce nan kuwa kwantai ne. Ki jiƙa waken tun dare, ki kai markaɗe da asuba, ki tace, ki tafasa madarar, sannan ki zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan har ta dunƙule. Idan tsamin ya yi yawa, awarar tauri take yi ta yi ɗanɗanon tsami, kuma ba ta auki. Idan ba a danne ta da kyau ruwan ya tsiyaye ba, sai ta farfashe a kasko ta sha mai. Man nan kuwa shi ke cinye riba.

To yaya zan san na ci riba, ba uwar kuɗi nake ci ba?

Farashi yana canzawa, don haka ki sa na kasuwarku a madadin waɗannan. A ce wake naira 2,500, markaɗe 300, itace 600, kayan yaji da albasa 500, leda 200, ruwa 100, kuɗin mashin zuwa da dawowa 400. Mai kuma ba kuɗin kwalbar duka za ki rubuta ba, sai abin da ya ragu bayan suya, a ce na 1,200. Jimilla 5,800 ke nan.

A ce kin yanka guda 160 a kan naira hamsin-hamsin. Da yawa a nan suke ruɗin kansu, su ce sun yi cinikin 8,000. Ina gyaran da aka yi wa masu sayen ta ɗari biyu? Ina wadda yaran gida suka ɗauka? Idan waɗannan suka ci guda 15, guda 10 kuma suka yi kwantai, 135 kika sayar, wato 6,750. Cire 5,800, saura 950. Dusar da kika tace masu kiwo za su saya, a ce 300, ribar yini ta zama 1,250. Bashi kuwa kada ki sa shi a lissafi sai ranar da ya shigo hannu.

In ninka wannan sau talatin in samu ta wata?

A'a. Kwana biyar ake zuwa makaranta a mako, Juma'a kuma da wuri ake tashi, gara ki yi rabin tiya. Ga hutu, ga azumi. Ki lissafa da kwana ashirin, kuma kullum ki fara ware 5,800 ɗin gobe kafin ki taɓa ko sisi.