"Ribar shekara": kashi nawa cikin ɗari, kuma na wane kuɗi?

Tun da hannun jarin kasuwar BRVM ta Abijan da takardun bashin baitulmali suka shiga bakin mutane a Tawa da Yamai, babu hirar kuɗi da za a yi a rediyo ko a fada ba a ce "ribar shekara" ba. Wani ya ce jarinsa na ba da kashi 15 cikin ɗari a shekara, wani ya ce nasa 40. In ka matsa da tambaya, sai ka tarar abin da ke cikin asusun yau aka ɗauka, aka cire abin da aka zuba, aka raba. Wannan lissafi daidai ne ga wanda ya zuba kuɗi sau ɗaya ya barsu shekara guda cur bai taɓa ba. Irin wannan mutum kuwa ba shi da yawa. Yawancinmu a ƙara yau ne, a cire gobe.

Mu ɗauki wani ɗan kasuwar albasa a Tawa. Ranar 1 ga Janairu 2023 ya zuba sefa miliyan 1. Ranar 1 ga Janairu 2024, bayan ya sayar da albasar da ya adana, ya ƙara miliyan 2. Ranar 1 ga Yuli 2024 hidimar damina ta taso, ya cire jika 500. Ranar 31 ga Disamba 2024 takardar asusunsa ta nuna miliyan 2 da jika 900. Ya zuba miliyan 3, abin da ya cire da abin da ya rage sun kama miliyan 3 da jika 400. Ribarsa jika 400 ce, wannan babu gardama.

Gardamar tana wajen mayar da ita kashi cikin ɗari. Mai gaggawa zai raba jika 400 da miliyan 3, ya samu 13.3, ya raba da shekara biyu, ya ce 6.7 a shekara. Ya tauye jarin, domin ya ɗauka miliyan 3 ɗin duka sun yi shekara biyu suna aiki, alhali miliyan 2 daga ciki shekara ɗaya kawai suka yi. Mai son kuri kuma zai ce daga miliyan 1 ya kai kusan miliyan 3, wato ya lissafa kuɗin da ya ƙara da hannunsa a matsayin riba. Wannan na biyun shi aka fi ji a bakin masu talla, kuma a ganina ba duka ne rashin sani ba.

Abin da ya kamata a auna shi ne kowane kuɗi da tsawon zaman da ya yi. Miliyan 1 ya yi shekara biyu, ka rubuta 2. Miliyan 2 sun yi shekara ɗaya, ka ƙara 2. Rabin miliyan ya fita saura rabin shekara a rufe lissafi, ka cire 0.25. Jimilla 3.75. Raba 0.4 na riba da 3.75, ka samu kusan kashi 10.7 a shekara. Da biro da takarda ake yin wannan, kuma ya isa ya nuna cewa 6.7 kuskure ne. Sai dai 10.7 ɗin ya ɗan haura gaskiya kaɗan, saboda bai lura da cewa ribar shekarar farko ita ma ta zauna ta haifi tata ribar ba.

Cikakkiyar amsar ita ce a nemi kaso guda ɗaya wanda in an ɗora shi a kan kowane kuɗi tun ranar shigarsa, aka kuma ɗebe wanda ya fita tun ranar fitarsa, zai kawo daidai abin da ke asusun a ƙarshe. Ba a samunsa sai da gwaji. Gwada kashi 10: miliyan 1 ya zama 1,210,000 a shekara biyu, miliyan 2 sun zama 2,200,000, jika 500 da aka cire da an barsu kwana 183 da sun zama kusan 524,500. Haɗa biyun farko ka cire na uku, saura 2,885,500, bai kai ba. Gwada 11, ka samu kusan 2,925,200, ya zarce. Amsar tana tsakani, kusan kashi 10.4.

Gwajin nan shi Excel ke yi da XIRR, wanda a Excel na Faransanci da ke yawancin ofisoshinmu sunansa TRI.PAIEMENTS. Kwanaki a layin A, kuɗi a layin B:

```
01/01/2023   -1000000
01/01/2024   -2000000
01/07/2024     500000
31/12/2024    2900000
=TRI.PAIEMENTS(B1:B4;A1:A4)
```

Alamun suna bin aljihunka ne, ba asusun ba. Abin da ya bar aljihunka a sa masa alamar ragi, abin da ya dawo a barshi haka. Layin ƙarshe darajar asusun ce kamar ka sayar da komai ranar, ko da ba ka sayar ba. In duk alamun iri ɗaya ne, #NOMBRE! za ka gani. In kwanakin sun shiga a matsayin rubutu, abin da ke yawan faruwa in an kwafo su daga takardar banki, sai #VALEUR! ta fito. Kuskuren da ya fi waɗannan haɗari shi ne wanda ba ya nuna kansa: rabon ribar kamfani da aka biya ka. In ya fita zuwa hannunka, rubuta shi da ranarsa kamar kuɗin da ka cire. In ya zauna cikin asusun, kada ka rubuta, yana cikin layin ƙarshe, rubuta shi lissafi biyu ne.

Sai kuma ɗan kasuwar ya buɗe rahoton kamfanin da ke juya masa jarin ya ga 14.7, ya ce an cuce shi. Ba lalle ba ne. A ce kafin ya ƙara kuɗi, miliyan 1 ɗinsa ya kai 1,250,000. Da ƙarin ya zama 3,250,000, ya hau 3,300,000 kafin ya cire, sannan 2,800,000 da suka rage suka kai 2,900,000. Kamfanin yana yanka lokacin ne a duk ranar da kuɗi suka shiga ko suka fita, ya auna hawan kowane zango: 1.25, da 1.0154, da 1.0357. Ninka su uku, 1.3146 a shekara biyu, wato kusan kashi 14.7 a shekara. Wannan awon ƙwazon mai juyawa ne, wanda ba shi ya zaɓi ranar da za ka kawo kuɗi ba. Shekarar da jarin ya hau kashi 25, miliyan 1 kawai ke ciki. Da manyan kuɗin suka iso, hawan ya ja baya zuwa kusan kashi 5. Shi ya sa aljihun mai kuɗin ya ga 10.4. Don kwatanta wannan kamfani da wani, 14.7 ake dubawa, amma in tambayar ita ce ko da ya bar kuɗin a albasa ya fi, 10.4 zai riƙe.

Akwai wata dabarar talla da XIRR kansa ke taimaka wa. Komai gajartar lokaci, amsar shekara yake bayarwa. Hannun jarin da ya hau kashi 3 cikin kwana 20, zai nuna maka kusan kashi 71.5 a shekara, domin ya ɗauka hawan zai maimaita kansa sau goma sha takwas a jere. Lissafin da bai cika shekara ba, a faɗi kason yadda yake tare da adadin kwanakinsa: kashi 3 cikin kwana 20.